Tsuntsayen Yaya a Wayar Kaka

Babbar waya ɗaya ce a gidanmu, kuma ta Kaka ce. Baffana da ke aiki a Kano ne ya sayo mata don ta riƙa jin muryarsa. Ba mai tsada ba ce. Gilashinta ya tsage a kusurwar hagu, kuma idan aka buɗe abu biyu a lokaci guda sai ta tsaya cak kamar jaki ya ga gada. Kaka ta ɗinka mata jaka da ƙyallen atamfa, tana rataye ta a ƙusa ɗaya da carbinta. Da yake ba ta karatun boko, ni ce mai danna mata. Aikin ya dace da ni, don ba ya buƙatar magana. Ko a aji sai malami ya matso kusa kafin ya ji amsata, shi ya sa Kaka take kirana Kurma.

Yayata kuwa aikin zare take yi. Tun da ta gama sakandare take zama a inuwar rumbu da allura, tana yi wa rigunan filo ado, maƙwabta suna saya ɗaya-ɗaya. A bara ta yi zanin gado guda cikakke, fari, da tsuntsaye shuɗaye da masu ruwan goro a kan reshe. Kowane tsuntsu da inda ya juya kansa. Akwai wani ƙarami a can ƙarshen reshen da ya buɗe baki, shi na fi so.

Gwaggonmu da ke aure a Jajaye ce ta kai labarin zanin nan ga wata Hajiya a Rogo, wadda ke haɗa wa 'yarta kayan ɗaki. Ran Laraba Hajiyar ta kira 'yar ƙaramar wayar Yaya mai madannai. Ina kusa, na ji komai.

"'Yata, an ce kin iya aiki. To ni ba na sayen abu da ji. Ki turo min bidiyo, yadda masu shagunan Kano suke turo min. Ran Asabar zan shiga Kano sayayya. In na ga naki ya kwanta min, zannuwan gado da labule duk ke zan ba wa. In ban gani ba, can zan kwaso."

Yaya ta ce, "To Hajiya, in sha Allahu," har da durƙusawa, ita kaɗai a tsakar gida. Ba ta taɓa samun aiki irin wannan ba.

Mun fara da abin da muka sani. Muka shimfiɗa zanin a gadon Kaka na ɗauka da kyamarar wayar. Ɗakin duhu, farin zanin ya fito kamar an wanke shi da ruwan kwata. Muka fito da shi waje muka shanya a igiya. A nan hoto ya yi kyau, launukan sun fito, amma bidiyon dai zani ne a kan igiya, ga akuya ta wuce ta baya. Yaya ta kalla, ta miƙo min wayar.

A nan na tuna abin da wata 'yar ajinmu ta nuna mana a wayar yayanta. Ƙirƙirarriyar basira ce, wadda kowa ke cewa AI: a ba ta hoto, a rubuta abin da ake so, ta mai da shi bidiyo mai motsi. Ta nuna mana kyanwar gidansu tana ɗaga kai tana hamma, alhali hoto ne kawai aka ɗauka. Na daɗe ina juya maganar a bakina kafin na faɗa wa Yaya.

Ta ce, "Da gaske? Ke kin iya?"

Na ce, "Na dai ga yadda aka yi."

Ran Alhamis da na dawo daga makaranta, Yaya ta riga ta sayar da ƙwan zabinta ta je shagon mai caji, ya tura mana datar da za ta kai mu yammacin Juma'a. A ƙauyenmu, nan wajen Tudun Kaya, sabis ba ya shiga ɗaki. Sai an fito dakalin ƙofar zaure, gefen da ke kallon hanyar Karaye. Can muka zauna, ni da Yaya, Kaka ma ta jawo tabarma ta biyo wayarta.

Ina kunna data wayar ta hau ƙara, ƙil, ƙil, ƙil, ba tsayawa. Kaka ta yi makonni ba ta da data, ga ta a cikin zaurukan hira na dangi har da na matan unguwar Baffa. Duk hotunan barka da Juma'a da bidiyoyin addu'a da suka taru suna jira, suka shiga saukowa da kansu. Kafin na gano inda ake hana su, sun ci wani babban kaso na datar, sun kuma ƙara cika wayar da dama can a cike take.

Kaka ta ce, "Kun ga mutanen kirki. Ba su manta da ni ba."

Yaya ta ce, "Kaka, ƙwaina suke sha fa."

Na nemi manhajar da 'yar ajinmu ta nuna min. Wayar ta ce babu wurin da za ta zauna. Na duba abin da ya cika ta, na ga kusan duk waɗannan gaishe-gaishen ne, hoton fure da ayoyi, hoton masallaci da addu'a, wasu iri ɗaya sak daga mutane daban-daban.

Na ce, "Kaka, in goge waɗannan?"

Ta miƙe zaune. "Ki goge me? Sunan Allah ne fa a jiki. Ke in kika tsinci takarda mai sunan Allah a hanya, bola kike kai ta?"

"A'a."

"To ina suke zuwa in kin goge?"

Ban sani ba. Ita kuma ta koma ta kishingiɗa. Na goge bidiyoyin da muka ɗauka ran Laraba da wasu tarkace namu, amma bai isa ba. Daga baya na gano ashe ba dole sai da manhajar ba, masu ita suna da shafi a intanet. Adireshin imel ɗin da Baffa ya buɗe lokacin da ya haɗa wayar shi ya shigar da mu. Shafin ya nuna cewa wanda bai biya ba ana ba shi ɗan maki kullum, wanda zai yi gajeren bidiyo biyu. Mai son ƙari sai ya biya da katin banki, kuɗin waje kuma. Wannan ko kallonsa ba mu yi ba.

Akwai wani farin akwati inda ake rubutu. Na ɗora yatsa zan fara, sai Kaka ta leƙo.

"Da wa za ki yi magana?"

"Da na'urar, Kaka."

"Kin gaishe ta?"

Yaya ta yi dariya. "Kaka, inji ne fa."

"Inji ko ba inji ba, alfarma kuka zo nema. Wa ya koya muku ku faɗa gidan mutane babu sallama ku ce a ba ku? Kurma, gaishe ta."

Ni ma a raina na ga kamar da gaskiyarta. Na rubuta sallama cikakkiya, na ce ina wuni, ya aiki, ya jama'a, na danna alamar turawa, ina jiran a amsa sannan in kawo buƙata. Ba a amsa ba. Wata da'ira ta shiga juyawa, aka ce muna kan layi. Da na kalli saman shafin sai na ga makinmu ya ragu da rabi.

Ashe wannan akwatin ba na hira ba ne. Duk abin da aka rubuta a ciki, bidiyonsa za a yi.

Mun jira har inuwar zaure ta sauka daga dakali. Abin da ya fito shi ne wani dattijo da farar riga a bakin wani kogi da ban san ko na ina ba ne, yana gyaɗa kai a hankali, yana ta gyaɗawa. Yaya ta dafe kai. Ni kunya ta hana ni ɗagowa. Kaka ta karɓi wayar ta kai kusa da ido.

"To ga shi nan ya amsa. Lafiya lau, malam. Ya iyali?"

Yaya ta yi dariya har ta zamo daga dakali, tana dariya tana cewa, "Wayyo ƙwaina."

A gwaji na biyu na ɗora hoton zanin da muka ɗauka a igiya. Hoto ba ya cin data sosai. Yaya tana faɗa ina juyawa da ɗan Turancina na makaranta, don 'yar ajinmu ta ce shafin ya fi gane shi. Ta ce a sa zanin a kan babban gado, a ɗaki mai madubi, da labule, da fanka. Muna cikin jira Baffa ya kira Kaka. Kafin su gama gaisawa wayar ta manta da shafin, da na koma sai ya fara buɗewa daga farko. Amma bidiyon yana nan a jerin ayyukanmu, don ba a cikin wayar ake haɗa shi ba, a can wurin manyan injinansu ake yi, wayar aikawa da karɓa kawai take.

Ɗakin ya yi kyau kamar na gidan gwamna. Sai dai zanin ba na Yaya ba ne. Tsuntsayen sun koma wasu furanni masu fukafukai, reshen ya ɓace, ƙaramin mai buɗe baki babu shi.

Yaya ta ce, "Wannan ba aikina ba ne. In na tura wannan, in je da wani daban, me zan ce wa matar?"

Makin ranar ya ƙare. Na kashe data. Wayar ta yi zafi, Kaka ta ɗora ta a murfin randa wai ta sha iska.

Washegari Juma'a, a aji ban ji rabin abin da aka koyar ba. Tunani nake, tunda abin yana ɓata aiki in an tambaye shi da yawa, to a tambaye shi kaɗan. Da aka tashe mu da wuri na dawo na tarar an sake ba mu maki. Na ɗora hoton nan dai, na rubuta cewa kada a canja komai, kada kyamara ta motsa, tsuntsayen kawai su kaɗa fukafukai su juya kai. Na karanta sau da yawa kafin na tura.

Da ya fito, Yaya ce ta fara ihu. Zaninta ne, da igiyarsa, da katangarmu a baya. Tsuntsayen suna kaɗa fukafukai a hankali, kuma ana ganin layin zaren a jikinsu. Ganyen reshen yana ɗan motsi. Ƙaramin nan ya rufe baki ya sake buɗewa. Akwai lokacin da ɗaya shuɗin ya yi ƙafa uku, amma kafin ƙiftawar ido ta koma biyu. A kusurwa akwai tambarin masu shafin, wanda ba ya fita sai an biya. Gaba ɗaya bidiyon bai kai tsawon hamma mai kyau ba.

Kaka ta ce, "La'ilaha illallahu! Ja'ira, ashe masu rai kike ɗinkawa."

Inna ta fito da ludayi a hannu. Matar maƙwabcinmu ta leƙo ta katanga, ta zagayo, ta kira 'yarta. Kowa sai ya ce a maimaita. Wayar kuma in ta wuce hannu biyu sai shafin ya sake buɗewa, ya sake janyo bidiyon daga farko. Ina kallon wannan ina jin tsoron magana, har saƙo ya shigo cewa datarmu ta kusa ƙarewa. Ban san lokacin da na ce, "A ba ni wayar!" da ƙarfi ba. Kowa ya juyo. Kaka ta ce, "Iye, Kurma ta warke."

Na danna saukewa. Ya fara, ya tsaya: babu wuri. Bidiyon ba babba ba ne, amma wayar ta cika har wuya, ɗan wurin da na samar ran Alhamis ya tafi. Kuma ko ya sauka, in za a tura wa Hajiya sai wayar ta yi masa wani kwafi. Babu sauran abin gogewa sai na Kaka.

Yaya ta durƙusa a gabanta. "Kaka, don Allah."

Kaka ta kalle ta, ta kalli wayar. Na ga tana so, amma ta girgiza kai. "Ba zan ɗauki alhaki a kan tsuntsu ba. Ku je ku tambayo Malama. Abin da ta ce shi ke nan."

Malamar Islamiyyarmu gida uku ne tsakaninmu. Ranar babu karatu, muka same ta tana tsince shinkafa. Bayan mun gaisa Yaya ta zungure ni, ni na yi bayani, idona a kan farantin shinkafar. Malama ta yi murmushi, ta yafa mayafi ta ce mu je.

Da suka gama gaisawa da Kaka, ta ce, "Iya, lokacin da kike karatun allo, in kin iya abin da aka rubuta miki, me ake yi?"

"A wanke, a rubuta na gaba."

"To wulaƙanci ne?"

"Ina fa wulaƙanci."

"Haka wannan yake. Ba jefarwa ba ne, ba takawa ba ne. Share wuri ne. Addu'ar da aka yi miki kuwa ta riga ta isa inda aka aike ta."

Kaka ta gyara zama. Sannan ta ce, "To ruwan wankin fa, ina zan tara?"

Malama ta yi dariya har ta riƙe baki da mayafi. Kaka ta yarda, amma da sharaɗi. Saƙonnin muryar Baffa ba za a taɓa ko ɗaya ba. Sauran kuma, tunda mutane ne suka yi mata addu'a, ba za a share ba sai ta amsa.

Haka muka zauna bayan la'asar. In buɗe hoto in karanta, "Allah ya ba da lafiya da nisan kwana," Kaka ta ce amin, in goge. "Allah ya rufa asiri duniya da lahira." Amin. In goge. Yaya tana zagaye tsakar gida tana kallon rana, don datar da yamma za ta mutu ko mun cinye ko ba mu cinye ba. Na lura bidiyoyi sun fi hotuna cin wuri nesa ba kusa ba, sai na koma kansu. Wani mai hoton ruwa yana zuba da addu'a a sama, mutum daban-daban sun turo shi har ban san adadi ba.

Na ce, "Kaka, wannan irin na ɗazu ne."

"Wa ya turo?"

"Matar Baffa."

"Na ɗazu fa?"

"Gwaggo."

"To ai baki daban ne. Amin."

Inna da ke jin mu daga madafa ta fara taya ta. Can matar maƙwabci ma ta shiga, ta bayan katanga. Na karanta, gida biyu su amsa. Daga baya Kaka da kanta ta gaji, ta ɗaga hannu biyu ta ce, "Duk wanda ya yi min addu'a a cikin wayar nan, na sani da wanda ban sani ba, amin summa amin, Allah ya ba shi ninkinta. Kurma, share."

Na fita dakali da gudu. Bidiyon ya sauka. Na tura wa Hajiya, tare da hoton zanin na gaskiya. Yaya ta yi saƙon murya, ta gaishe ta, ta ce motsin na na'ura ne, ɗinkin ne nata. Da'irar turawa tana cika a hankali, ta tsaya, ta ci gaba. Na ɗaga wayar sama da hannu biyu har kafaɗata ta yi tsami. Alamar isa ta fito ana shirin kiran magariba, bayanta kaɗan data ta ƙare.

Ba mu san ko ta kalla ba, tunda ba mu da sauran datar da za mu duba. Da safe Yaya tana shara ƙaramar wayarta ta yi ƙara. Muryar Hajiya har inda nake.

"Ke 'yar nan, jikokina sun hana ni barci da tsuntsayenki. Na fasa Kano yau. Ki ɗauko zanin ki zo in gani da idona, in dai ba su tashi sun bar shi ba."

Inna ta ce in raka ta. Muka je Karaye muka shiga motar Rogo, zanin a ninke cikin leda a cinyar Yaya. Gidan Hajiya cike yake da mata, ga kwanuka da katifa an jingine. Muka durƙusa muka gaida kowa. Hajiya ta karɓi zanin ta warware. Ban ga ta tsaya kallon tsuntsayen ba. Juya shi ta yi, ta duba baya, ta bi ƙullin zaren da farce ɗaya bayan ɗaya. Ta ja wani reshe da ƙarfi ta ga bai saki ba. Wata 'yar jikarta tana tsokanar shuɗin tsuntsu da yatsa tana cewa, "Tashi mana."

Hajiya ta ce, "Wancan na waya wasan yara ne, ya dai sa na kira ki. Wannan bayan shi ne aiki. Wa ya koya miki ɓoye ƙulli haka?"

Yaya ta ce, "Innarmu ce, Hajiya."

"To Allah ya yi mata albarka." Ta juya ta ƙwala wa wata kira a ɗaki, aka fito da farin yadi, bandir guda, da ledar zare kala-kala. "Zannuwa da labule. Kafin a shiga azumi nake so. Za ki iya?"

Yaya ta tsaya kallon yadin. Ni ce na ce, "Za ta iya, Hajiya."

A motar dawowa mun zauna a baya, yadin a kan cinyoyinmu mu biyu don ya fi ƙarfin cinya ɗaya. Yaya ba ta jira mun isa gida ba, ta zaro bakin yadin tana aunawa da taƙi, leɓenta yana motsi. Wata mata da ke gefenmu da buhun gyaɗa a ƙafarta ta shafa yadin ta ce, "'Yan mata, na sayarwa ne?"

Yaya ta ce, "A'a Baba, aiki aka ba ni." Ta sake faɗa a hankali, ba da matar take ba, sannan ta ci gaba da awo.